Yadda ake ƙure jimlar 1 + 1/4 + 1/9 + … tsakanin iyakoki biyu ba tare da sanin ainihin ƙimarta ba

Ka ɗauki lambobin ƙirga, 1, 2, 3, 4, har abin da ya yi sama. Ka ninka kowace da kanta, sai ka sami 1, 4, 9, 16, 25, waɗanda ake kira murabba'ai. Sannan ka juya kowanne ya koma ɗaya bisa kansa, ka tara su duka:

S = 1 + 1/4 + 1/9 + 1/16 + 1/25 + …

Wannan tarawa ba ta da ranar ƙarewa, amma jimlarta lamba ce tsayayya. Pietro Mengoli, malamin lissafi a Bologna, ya jefa tambayar ko nawa ce a 1650. Jacob Bernoulli na birnin Basel ya nuna a 1689 cewa ba ta kai 2 ba, amma ainihin ƙimar ta gagare shi. Sai a 1735 Leonhard Euler, shi ma haifaffen Basel, ya gabatar da amsar a Saint Petersburg. Za mu ajiye amsar Euler a gefe kamar ba mu taɓa jin ta ba. Aikinmu shi ne mu nemo lambobi biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, mu kawo hujjar cewa S tana tsakaninsu, sannan mu yi ta matso da su kusa da juna. Kamar ciniki ne: mai saye ya taya ƙasa, mai kaya ya ce albarka ya faɗi nasa a sama, kowa na matsowa har tazarar ta zama ba komai.

Kayan aikin kaɗan ne. Takarda, biro, kalkuleta, da sanin yadda ake ɗebe ɗaya bisa kaza daga ɗaya bisa kaza. Kowane abu guda da ake tarawa, kamar 1/9 ko 1/16, zan riƙa kiransa gaɓa.

Fara da tara na farko da hannu

Dukkan gaɓoɓin sun fi sifili, saboda haka duk inda ka tsaya da tarawa, abin da ke hannunka bai kai S ba. Iyakar ƙasa ta farko ke nan, kyauta. Ga yadda jimlar ke hawa:

gaɓa 1: 1
gaɓa 2: 1.25
gaɓa 3: 1.361111
gaɓa 4: 1.423611
gaɓa 5: 1.463611
gaɓa 7: 1.511797
gaɓa 10: 1.549768

Idan ka ci gaba har gaɓa 100 za ka sami 1.634984, a gaɓa 1000 kuma 1.643935. A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Gaɓa ta 1000 ɗaya ce bisa miliyan, wato 0.000001, sai mutum ya ga jimlar ta kusa daina motsi a kan kalkuleta, ya ɗauka ya iso. Bai iso ba. Abin da ya rage a gabansa ya kusa 0.001, wato ya ninka gaɓar da ya tara ta ƙarshe sau dubu. Ƙanƙantar gaɓa ɗaya ba ta gaya maka girman dukkan waɗanda ke biye da ita.

Don haka tun yanzu mu raba S gida biyu. Gaɓoɓi N na farko, waɗanda muka tara da hannu, mu kira su kai. Sauran duka, daga gaɓa ta N+1 zuwa gaba, mu kira su wutsiya. Kai mun san shi daidai. Wutsiya ce ba mu sani ba, kuma ita kaɗai ce ke buƙatar iyaka. Duk abin da zai biyo baya dabarun kama wutsiya ne.

Tabbatar da cewa akwai rufi

Kafin a yi zancen matsowa, sai an tabbata jimlar ba ta tafiya sama har abada. Wannan ba tambayar banza ba ce, domin 'yar uwarta, 1 + 1/2 + 1/3 + 1/4 + …, ita ma gaɓoɓinta suna ƙanƙancewa, amma ba ta da rufi ko kaɗan. Nicole Oresme ya nuna haka tun ƙarni na 14: 1/3 da 1/4 sun fi rabi, 1/5 zuwa 1/8 sun fi rabi, takwas na gaba ma sun fi rabi, kuma rabi-rabi idan ba su ƙarewa babu lambar da ba za su wuce ba.

Irin wannan kasawa kashi-kashi, idan aka yi wa tamu jimlar, akasin haka take bayarwa. Ka ware 1 shi kaɗai. Kashi na gaba 1/4 da 1/9: su biyu ne, babu wanda ya fi 1/4, don haka jimlarsu ba ta kai 2/4 ba, wato rabi. Na gaba daga 1/16 zuwa 1/49: su huɗu ne, babba a cikinsu 1/16, jimlarsu ba ta kai 4/16 ba, wato rubu'i. Na gaba su takwas ne, babbansu 1/64, ba su kai 1/8 ba. To 1 + 1/2 + 1/4 + 1/8 + … jimlarta 2 ce, kamar mai cin rabin abin da ya rage a kwano kullum. Ke nan S ba ta kai 2 ba. Hujjar tana da kyau, kuma ana iya yi wa yaro bayaninta a allo cikin minti uku, amma ba ta da saurin matsowa. Zan bar ta a nan.

Gaɓoɓin da ke cinye juna

Dabarar da za mu rayu da ita ta tsaya ne a kan wannan ɗan lissafi:

1/(n−1) − 1/n = 1/(n(n−1))

Gwada da n = 5: 1/4 a ɗebe 1/5 ya ba da 1/20, kuma 20 shi ne 5 sau 4. To 20 bai kai 25 ba, kuma idan lambar ƙasa ta fi ƙanƙanta, rabon ya fi girma, shi ya sa 1/20 ya fi 1/25. Haka abin yake ga kowace n daga 2 zuwa sama:

1/n² < 1/(n−1) − 1/n

Yanzu ka maye gurbin kowace gaɓar wutsiya da wannan abin da ya ɗan fi ta. A ce kanmu gaɓoɓi 10 ne, wutsiya ta fara daga n = 11:

(1/10 − 1/11) + (1/11 − 1/12) + (1/12 − 1/13) + …

Dubi abin da ke faruwa. An ɗebe 1/11 a baka ta farko, an dawo da shi a ta biyu. An ɗebe 1/12 a ta biyu, an dawo da shi a ta uku. Kowa ya cinye maƙwabcinsa. Idan ka tsaya a n = K, abin da ya tsira shi ne 1/10 − 1/K, kuma yayin da K ke girma 1/K na narkewa zuwa sifili. Saura 1/10. Wutsiyar da ta fara bayan gaɓa ta 10 ba ta kai 1/10 ba, kuma a dunƙule wadda ta fara bayan gaɓa ta N ba ta kai 1/N ba.

Iyakar ƙasa ma haka ake samunta, sai dai a juya. Tun da n(n+1) ya fi n², to 1/(n(n+1)) bai kai 1/n² ba, kuma shi ma yana fashewa gida biyu, 1/n − 1/(n+1). Idan aka tara daga n = 11, wanda ya tsira 1/11 ne. Mun kama wutsiya ta gaba da baya:

1/(N+1) < wutsiya < 1/N

Da N = 1, kai 1 ne, sai mu sami S tsakanin 1.5 da 2. Ga rufin Bernoulli nan ya sake fitowa. Da N = 2, kai 1.25 ne, S tana tsakanin 1.5833 da 1.75. Lura da abin da gaɓa ɗaya tak ta yi: rufin ya faɗo daga 2 zuwa 1.75. Dalili kuwa shi ne a gaɓoɓin farko ne kwatancen ya fi yin ɓarna. A n = 2 mun musanya 1/4 da 1/2, wato mun ninka shi biyu. A n = 11 kuwa 1/121 muka musanya da 1/110, bambancin kaɗan ne. Wannan ne ya sa ba a fara kwatance daga tushe. A tara manyan da hannu, a bar kwatance ya yi aiki inda ba ya cuta sosai.

Da N = 10, ƙasa ita ce 1.549767 + 0.090909 = 1.640676, sama kuma 1.549768 + 0.1 = 1.649768. Da gaɓoɓi goma kacal mun tabbatar S ta fara da 1.64, alhali tarawa zalla sai ta wuce gaɓa 200 kafin ta taka 1.64, kuma ko ta taka ba ta da bakin cewa nan za a tsaya.

Wataƙila ka lura na rubuta kai 1.549767 a lissafin ƙasa, 1.549768 a lissafin sama. Da gangan ne. Ainihinsa 1.5497677 ne da 'yan kai. In kana gina iyakar ƙasa, duk lambar da za ka datse ka datse ta ƙasa. In kana gina ta sama, ka ɗaga ta sama. In ba haka ba, datsewar na iya tura iyakarka ta tsallake S ba ka sani ba, musamman idan tazarar ta yi ƙanƙanta.

Kuskuren da na fi gani a takardun ɗalibai a wannan mataki na zamewar lamba ɗaya ne. Wani ya fara kwatancen daga n = 1, sai ya ci karo da 1/(1×0), rabawa da sifili, ya tsaya yana kallon takarda. Wani kuma ya rikita iyakokin, ya rubuta cewa wutsiya ba ta kai 1/(N+1) ba. Ni kaina na taɓa rubuta haka a allo, wata ɗaliba daga bencin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, in haka ne da N = 1 jimlar ba ta kai 1.5 ba ke nan, ga shi kuma gaɓa bakwai kawai sun ba mu 1.51." Gaskiyarta. Tun daga ranar, duk iyakar sama da na samo sai na sa mata N = 1 ko N = 2, na gwada ta da jimlar da na riga na tara. Rufin da ya faɗo ƙasa da abin da ke hannu, rufin ƙarya ne.

Akwai wani tarko na daban ga masu son kafa hujja hawa-hawa, wato a nuna magana ta tabbata a N = 1, sannan a nuna in ta tabbata a N za ta tabbata a N+1. Idan maganar da ka ɗauka ita ce "kai bai kai 2 ba", za ka maƙale. Sanin cewa abu bai kai 2 ba bai hana shi wuce 2 idan aka ƙara masa wani abu. Maganin shi ne ka ɗauki magana mai ƙarfi fiye da wadda ake nema: kai bai wuce 2 − 1/N ba. Yanzu kana da sarari. Daga N zuwa N+1 rufin yana ɗagawa da 1/N − 1/(N+1), wato 1/(N(N+1)), sabuwar gaɓar kuwa 1/(N+1)² ce, wadda ba ta kai haka ba. Hujja ta tafi.

Matso da rufin: rabi gaba, rabi baya

Tazarar da ke tsakanin 1/(N+1) da 1/N ita ce 1/(N(N+1)). A N = 10, 1/110 ke nan, kusan 0.009. In kana son ta sauko ƙasa da ɗaya bisa miliyan, sai ka tara gaɓoɓi 1000. Ya fi tarawa zalla nesa ba kusa ba, domin ita miliyan guda za ta nema, amma dubu ma ba aikin biro ba ne. Ana iya yin abin da ya fi.

Koma ga n = 11. Muna neman lambobi biyu masu tazarar ɗaya tsakaninsu, waɗanda in an ninka su za su ba da abin da ke kusa da 121. Tazarar ɗaya ita ce sharaɗin cinye juna, domin lambar da aka ɗebe a wannan baka ita za ta dawo a ta gaba. Mun gwada 10 sau 11, ya ba da 110, ya gaza da 11. Mun gwada 11 sau 12, ya ba da 132, ya zarce da 11. To wa ya ce dole lambobin su zama cikakku? Gwada 10.5 sau 11.5. Amsar 120.75 ce. Rubu'i kawai ya rage ta cika 121.

Ba sa'a ba ce. Ga kowace n:

(n − ½)(n + ½) = n² − ¼

Kullum rubu'i ne gibin, ko n ta kai miliyan. Kuma tun da n² − ¼ bai kai n² ba, juyinsa ya fi 1/n², ga shi kuma yana fashewa yadda muke so:

1/n² < 1/(n − ½) − 1/(n + ½)

Tara daga n = 11: (1/10.5 − 1/11.5) + (1/11.5 − 1/12.5) + …, wanda ya tsira 1/10.5 ne. Sabon rufin wutsiya shi ne 1/(N + ½).

Gwajinmu na N = 1 ya ba da 1 + 1/1.5, wato 5/3, ko 1.6667. Da gaɓa ɗaya ke nan, kuma ya fi rufin da tsohuwar hanya ta bayar da gaɓoɓi huɗu, wanda yake 1.6736. Da N = 10, 1/10.5 shi ne 0.095239 in an ɗaga sama, sai rufin ya zama 1.549768 + 0.095239 = 1.645007. Daga 1.6497 mun sauko 1.6450 ba tare da ƙara gaɓa ko ɗaya ba.

Ɗaga daɓen

Rufi ya sauko, amma iyakar ƙasa tana nan a 1.6406, kuma tazara ba ta raguwa da gefe ɗaya. Abin da ke fara zuwa zuciya shi ne a juya alamar, a ce 1/(n² + ¼). Gaskiya ne bai kai 1/n² ba, amma ba ya fashewa zuwa abu biyu masu cinye juna, don haka ba mu san jimlarsa ba. Musanya jimlar da ba ka sani ba da wata da ba ka sani ba, an gudu ba a tsira ba. Kwatance yana da amfani ne kawai idan abin da ka kwatanta da shi ka iya tara shi har ƙarshe.

Hanyar da nake so ta fito ne daga gaskiya mai sauƙi: murabba'in kowace lamba da ba sifili ba ya fi sifili. In a da b lambobi ne daban-daban, (a − b)² ya fi sifili, wanda in an buɗe shi yake nufin

ab < (a² + b²)/2

Sa a = 1/n, b = 1/(n+1). Hagu ya zama 1/(n(n+1)), tsohon abokinmu mai cinye juna. Dama kuma ya zama matsakaicin gaɓoɓi biyu maƙwabta na jimlarmu. A n = 11, hagu 1/132 ne, wato 0.007576. Dama rabin 1/121 da rabin 1/144 ne, wato 0.007604. Sun yi kusa ƙwarai, kuma hagu ne ƙarami.

Yanzu tara ɓangarorin biyu daga n = 11 zuwa gaba, a hankali, domin nan ne wurin da ake tuntuɓe. Hagu mun san shi, 1/11. A dama, layin n = 11 ya kawo rabin 1/121 da rabin 1/144. Layin n = 12 ya kawo rabin 1/144 da rabin 1/169. Layin n = 13 ya kawo rabin 1/169 da rabin 1/196. Ka ga 1/144 ya sami rabi biyu, ya cika. 1/169 ma ya cika, haka duk na bayansu. Wanda bai cika ba shi ne na farko, 1/121, da ya sami rabi ɗaya kawai. Ke nan dama ita ce wutsiya gaba ɗaya, an ɗebe mata rabin 1/121. Mayar da wannan rabin ɗaya gefen:

wutsiya > 1/11 + 1/242

A dunƙule, in M = N + 1 ita ce lambar da wutsiya ta fara da ita, wutsiya ta fi 1/M + 1/(2M²). Tsohon daɓen 1/M ne kawai, yanzu mun ƙara masa rabin gaɓar farko ta wutsiya. Wanda ya yi lissafin faɗin fili a ƙarƙashin lanƙwasar y = 1/x² zai gane fuskokin nan: rufin ɗazu da wannan daɓen su ne abin da ake samu in an kwatanta filin da tsayin tsakiyar kowane yanki, da kuma matsakaicin tsayin gefunansa biyu. Amma ba ma buƙatar wannan ilimi, ɗebewa da ninkawa sun wadatar.

Lissafin N = 10: 1.549767 + 0.090909 + 0.004132 = 1.644808. Saboda haka

1.644808 < S < 1.645007

Tazarar ta sauko daga 0.009 zuwa 0.0002.

Me za ka iya faɗa da wannan, me ba za ka iya ba? Za ka iya cewa in an taƙaita S zuwa gurbi uku bayan ɗigo, 1.645 ce, domin iyakokin biyu duk can suke komawa. Amma ba za ka iya rantsuwa cewa lamba ta uku bayan ɗigo 4 ce ba, tun da rufin ya ɗan leƙa sama da 1.645. Abin haushi, da 0.000007 kawai. Maganin gaɓa ɗaya ce. Ƙara 1/121 a kan kai, ya zama 1.5580322. Yanzu N = 11, M = 12. Rufi: 1.558033 + 1/11.5, wato 1.558033 + 0.086957 = 1.644990. Daɓe: 1.558032 + 0.083333 + 0.003472 = 1.644837. Duka biyun sun fara da 1.644, magana ta ƙare.

Gaɓa nawa ake buƙata?

Ba sai ka yi ta gwaji ba, ana iya sani tun kafin a fara. Ɗebe daɓen daga rufin, ka haɗa su a kan lambar ƙasa ɗaya, kusan komai zai share, ya bar

tazara = 1/(2M²(2M − 1))

Da M = 11, 242 sau 21 ne a ƙasa, wato 1/5082, daidai da 0.0002 da muka gani. In kana son tazarar da ba ta kai ɗaya bisa miliyan ba, nemi M da za ta sa lambar ƙasa ta wuce miliyan. M = 63 ta ba da 992,250, ta gaza kaɗan. M = 64 ta ba da 1,040,384. Ke nan gaɓoɓi 63 sun isa, a inda hanyar farko ta nemi 1000. Tun da M sau uku take ninka kanta a ƙasa, duk lokacin da ka ninka yawan gaɓoɓi biyu, tazarar na raguwa kusan sau takwas.

Gaɓa 63 da hannu wahala ce, a bar wa kwamfuta. Ga shi a Python:

```python
from fractions import Fraction as F
N = 63
M = N + 1
kai = sum(F(1, n*n) for n in range(1, M))
print(float(kai + F(1, M) + F(1, 2*M*M)))
print(float(kai + F(2, 2*N + 1)))
```

Layin farko da zai fito ya fara da 1.6449334, na biyu da 1.6449343. Na yi amfani da `Fraction` ne domin yana riƙe lambar sama da ta ƙasa cikakku, ba ya datse komai sai a wurin bugawa. `range(1, M)` kuwa yana tsayawa a M − 1, wato N. In ka rubuta `range(1, N)` ka zubar da gaɓa ta 63, kuma iyakokin biyu za su sauka tare da kusan 0.00025, su bar S a samansu. Ba za ka ga alamar matsala a tazarar ba, domin ba ta canja ba. Abin da zai tona asirin shi ne rufinka zai faɗo ƙasa da 1.644837, daɓen da muka riga muka kafa da hannu.

Irin wannan duba yana kama wata cuta da ta fi ɓoyuwa. In aka sa kwamfuta ta yi tarawa zalla daga gaba, da lambobin `float32` masu riƙe gurbi bakwai ko makamancin haka, jimlar tana daskarewa a wajen 1.644725 da zarar n ta kai 4096. Daga nan kowace sabuwar gaɓa ta yi ƙanƙantar da in an ɗora ta a kan 1.64 datsewa ke haɗiye ta, ko da za a bar injin yana gudu har gobe. Mai kallon allo zai ga lamba ta tsaya cak, ya ɗauka amsa ce. Amma 1.644725 bai kai 1.644808 ba, kuma mun tabbatar S ta fi wannan da gaɓoɓi goma da biro. In dole sai an yi tarawa mai tsawo da irin waɗannan lambobi, a fara daga ƙananan gaɓoɓi a dawo baya, domin ƙanana su taru su yi nauyi kafin su haɗu da manya.

Yanzu za mu iya buɗe amsar Euler mu gani. Ita ce π²/6, wato 1.644934 da 'yan kai, tana zaune tsakanin 1.644837 da 1.644990, ta ɗan fi kusa da rufin. Haka ake tsammani, domin kuskuren rufin kusan rabin na daɓen ne.

Gwada a kan wadda ba ta da irin wannan amsa

Canja murabba'i zuwa ninki uku: 1 + 1/8 + 1/27 + 1/64 + …. Wannan ba a san mata gajeriyar amsa irin π²/6 ba. Roger Apéry ya nuna a 1978 cewa ba za a iya rubuta ta a matsayin cikakkiyar lamba bisa cikakkiyar lamba ba. Amma kama wutsiyarta bai fi na ɗazu wuya ba. Lambobi uku a jere, (n−1) sau n sau (n+1), suna ba da n³ − n, wanda bai kai n³ ba, kuma juyinsa yana fashewa haka:

1/((n−1)n(n+1)) = ½ × [1/((n−1)n) − 1/(n(n+1))]

In an tara daga n = N + 1, wanda ya tsira shi ne 1/(2N(N+1)). Don iyakar ƙasa sai a matsa gaba da ɗaya, a ɗauki n(n+1)(n+2), wanda ya fi n³, a sami 1/(2(N+1)(N+2)). Da gaɓoɓi huɗu, kai 1.177662 ne. Rufin wutsiya 1/40 ne, daɓenta 1/60, sai jimlar ta faɗa tsakanin 1.1943 da 1.2027. Daɓen nan shi ne rago a cikinsu, domin n(n+1)(n+2) ya yi wa n³ nisa, alhali n³ − n yana gab da shi. Ƙimar da aka lissafa ita ce 1.2020569, ƙasa da rufin da kusan 0.0006 kawai.